An Kama Ni a Mafarki: Tuhumar Ƙarya da Nauyin da Ke Cikin Ƙirji

Sau huɗu na yi mafarkin nan a cikin wata biyu, kuma kusan kowane lokaci salonsa ɗaya. Ina zaune a ƙofar gida bayan sallar la'asar sai mota ta tsaya, mutum uku suka fito. Ba su sa kaki ba, amma na san 'yan sanda ne. Ɗaya ya ce ni ne na sace janaretan masallacin unguwa. Na buɗe baki zan rantse, murya ta ƙi fita. Suka sa mini ankwa, suka bi da ni ta tsakiyar jama'ar da ke zaune a kan tabarmi, kowa ya sunkuyar da kai, babu mai kallona. Nan nake farkawa, zuciya tana dukan tara-tara, riga ta jiƙe da gumi.

Ban taɓa satar janareta ba, masallacinmu ma ba a taɓa yi masa sata ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda nake ji bayan na farka. Ba haushin wanda aka yi wa ƙazafi nake ji ba. Kunya nake ji, irin ta wanda asirinsa ya tonu. Wannan saɓanin, tuhuma ta ƙarya da kunya ta gaske, shi ya sa na shiga bin diddigin irin wannan mafarki, a wurin masana halayyar ɗan Adam da kuma wurin malamai. Abin da na samo shi ne, laifin da ake ɗora wa mutum a mafarki kusan kullum ba shi ne maganar ba. Maganar tana cikin abin da ya ji, kuma wannan jin yana iya fitowa daga wurare uku dabam-dabam. Wanda ya rikita su zai iya neman gafarar abin da bai yi ba, ko ya yi watsi da haƙƙin da ke wuyansa.

Me ya sa ba ka iya kare kanka

Duk wanda ya taɓa irin wannan mafarki zai faɗa maka abu biyu: ya kasa gudu, kuma ya kasa magana. Wannan yana da bayani a jiki. A shekarar 1953, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano cewa barci yana da wani zango da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata. Wannan zangon yana dawowa kusan kowane minti 90, yana ƙara tsawo yayin da asuba ke gabatowa, kuma a cikinsa ake yin mafarkai mafi tsawo da kama da gaske. A lokacin ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin tsokokin hannu da ƙafa, don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Masana da yawa suna ganin wannan ɗaurin na jiki yana shiga cikin labarin mafarkin: ƙafa ta yi nauyi, harshe ya ƙi juyawa, hannu ya zama kamar an sa masa ankwa. Idan mutum ya farka kafin ɗaurin ya sake shi, shi ne abin da muke kira dannau.

Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a shekarun 1990 sun ƙara nuna wani abu. A wannan zango sassan da ke kula da tsoro da motsin rai suna aiki sosai, sashen gaba kuwa, wanda ke auna hujja da tsara magana, ya yi sanyi. Ka ga ke nan an kafa kotu wadda mai gabatar da ƙara yake a farke, lauyan da zai kare ka yana barci. Shi ya sa a mafarki ba ka tambayar takardar izinin kamu, ba ka cewa a kawo shaida. Duk abin da aka ce, haka ne.

Kuma munanan mafarkai ba baƙon abu ba ne. Calvin Hall da Robert Van de Castle sun wallafa wani aiki a 1966 inda suka tantance mafarkai 1,000 na ɗaliban jami'a a Amurka, 500 na maza, 500 na mata. Kusan kashi 80 cikin 100 na motsin ran da aka ambata a cikinsu marar daɗi ne, kuma wanda ya fi yawa shi ne rukunin fargaba, wanda a lissafinsu ya haɗa tsoro da kunya da zargin kai. Sun kuma ga cewa idan faɗa ya tashi a mafarki, mai mafarkin ya fi zama wanda ake far wa. Saboda haka mafarkin kamu sau ɗaya ba ya buƙatar dogon bincike. Wanda yake dawowa yana dawowa, shi ne abin tsayawa a duba.

Masanin shari'ar da aka tuhuma da kisan jariri

Sanannen misali na farko yana cikin littafin Sigmund Freud kan fassarar mafarki, wanda ya fito a Vienna ɗauke da shekarar 1900. Wani masanin shari'a da suka saba ya zo masa da mafarki don ya ƙaryata ra'ayinsa. Ya ga yana tafe da wata mace, sun iso ƙofar gidansa, sai ga rufaffiyar karusa tana jira. Wani mutum ya matso ya nuna shaidar cewa shi ɗan sanda ne, ya ce ya biyo shi. Ya roƙi a ba shi lokaci ya kintsa al'amuransa. Laifin da ake tuhumarsa da shi kuwa kisan jariri ne.

Freud ya fara da nuna masa cewa tuhumar ba ta ma zauna ba, domin a dokar da shi kansa ya sani, wannan laifi uwa ce ke aikata shi a kan abin da ta haifa. Sai ya tambaye shi inda ya kwana a daren. Da ƙyar mutumin ya amsa cewa ya kwana ne tare da matar wani, kuma suna fargabar kada ciki ya shiga asirinsu ya tonu. Da tambaya ta yi zurfi, wani tsohon abu ya fito: shekarun baya wata yarinya da ya yi hulɗa da ita ta nemi zubar da ciki. Ba da hannunsa aka yi ba, amma ya daɗe cikin tsoron kada maganar ta fasu.

A lura da yadda abin ya ginu. Mutumin bai kashe jariri ba, don haka tuhumar ƙarya ce. Amma ba daga sama ta faɗo ba. Ta ɗauki wani abu na gaske da yake ɓoyewa, ta kumbura shi, ta sa masa rigar babban laifi. Mai kaza a aljihu, in ji Hausawa, ba ya jimirin as.

Freud ya kai maganar inda ba kowa ke bin sa ba. Shi a wurinsa kowane mafarki biyan wani buri ne da aka danne, har mafarkin azaba ma ya ce burin ɓangaren zuciya ne mai son a hukunta ta. Masana na yau da yawa ba su karɓi wannan ba, saboda ba a iya gwada shi, kuma mai fassara yana iya juya kowane mafarki ya dace da ra'ayinsa. Sai dai wani yanki na maganarsa ya tsaya da aka gwada. A 2004 Daniel Wegner da abokan aikinsa suka sa ɗalibai su zaɓi wani mutum da suka sani. Kafin kwanciya, aka ce wa wasu su yi minti biyar suna ƙoƙarin kada su tuna da shi, wasu kuma aka bar su su yi tunaninsa ko su ambace shi kawai. Da safe kowa ya rubuta mafarkinsa. Waɗanda aka ce su danne tunanin su suka fi ganin mutumin a mafarki. Abin da ka kora da rana ta ƙofa, da dare ta taga yake shigowa, domin mai gadin da ke korarsa shi ne sashen ƙwaƙwalwar da ke yin sanyi a cikin barci.

Akwai wani bincike da ya nuna ɗaya fuskar. A 1991 Peter Hajek da Michael Belcher a London suka bi mutum 293 da suka daina shan taba, tsakanin mako ɗaya zuwa huɗu. Kashi 33 cikin 100 sun yi mafarkin sun kunna sigari sun sha, kuma yawancinsu sun ji firgici da zargin kai a cikin mafarkin. Ba su sha ba, laifin na mafarki ne. Abin lura shi ne waɗanda suka yi irin wannan mafarki sun fi sauran ɗorewa a kan barin tabar. A nan zargin kai bai nuna wani ɓoyayyen zunubi ba. Ya nuna mutum ne da ya ɗauki alkawari da muhimmanci, har zuciyarsa tana gadinsa cikin barci. Wannan ya yi daidai da ra'ayin Antti Revonsuo na ƙasar Finland, wanda a shekarar 2000 ya ce mummunan mafarki wani irin atisaye ne, ƙwaƙwalwa tana gwada haɗarin da take tsoro tun kafin ya zo.

Lokacin da laifin ba naka ba ne, na zamani ne

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce duk mai mafarkin kamu yana da abin ɓoyewa. Wata 'yar jarida Bayahudiya a Berlin, Charlotte Beradt, ta nuna cewa ba haka ba ne. Daga 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki, har zuwa 1939 da ta bar Jamus, ta tattara mafarkai kusan 300 daga bakin mutanen gari: likitoci, masu aikin gida, ma'aikatan ofis, 'yan kasuwa. Aikin yana da haɗari, don haka ta sauya sunaye. Manyan 'yan Nazi ta mai da su kawunnai, kamu kuma ta rubuta shi a matsayin mura. Ta ɓoye takardun a cikin bangon littattafai, daga baya ta aika da su waje ta gidan waya. Littafin bai fito ba sai 1966.

Ɗaya daga cikin mutanenta wani ma'aikacin hukumar birni ne. Da yamma ya yi magana da ɗan'uwansa ta waya, kuma a cikin hirar ya furta cewa babu abin da ke faranta masa rai yanzu. A daren ya yi mafarkin waya ta yi ƙara, wata murya ta ce daga ofishin sauraron wayoyin jama'a ne. Nan take ya gane cewa laifinsa shi ne wancan furuci na rashin farin ciki. Ya shiga roƙo, yana ba da haƙuri, yana neman a yafe masa wannan karon kawai. Muryar ba ta amsa ba. Wani likita kuma ya ga bangayen gidansa da na duk unguwa sun ɓace, lasifika tana sanar da dokar soke bango.

Waɗannan mutane ba su cuci kowa ba. Abin da Beradt ta fahimta shi ne mulkin tsoro yana koya wa marar laifi jin cewa shi mai laifi ne. Idan ana iya kama mutum ba tare da dalili ba, zuciya tana fara neman dalilin da kanta, domin jin cewa ka yi kuskure ya fi sauƙin ɗauka a kan jin cewa babu abin da zai kare ka. A mafarkin ma'aikacin nan babu wanda ya karanta masa tuhuma. Shi ya tuhumi kansa.

Wannan babi ba baƙo ba ne gare mu. A Najeriya kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yari jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema ya yi yawa har sai da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 suka haramta shi a fili. Matashin da aka taɓa kwashewa a samame ya kwana uku a caji ofis, ko matar da aka tafi da mijinta a gabanta, idan suka yi mafarkin kamu, babu buƙatar a tono wani zunubi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wanda ya ce wa irin wannan mutum ya binciki kansa, ya ƙara masa ciwo ne a kan ciwo.

Zargin kai da babu laifi a ƙarƙashinsa

Mafari na uku shi ne mafi haɗari, domin yana kama da taƙawa. Akwai mutumin da ba ya ɓoye komai, ba kuma a taɓa kama shi ba, amma kullum yana jin shi mai laifi ne. Likitocin ƙwaƙwalwa suna lissafa zargin kai da ya wuce kima a cikin alamomin ciwon damuwa mai tsanani. Yana zuwa tare da wasu: baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai na tsawon mako biyu ko fiye, farkawa tun kafin asuba a kasa komawa barci, canjin cin abinci, kasala, da tunanin cewa mutuwa ta fi. Akwai kuma mai ciwon waswasi, wanda zai farka daga mafarkin ya kaɗe yaro da mota, ya fita ya duba gaban motarsa, ya dawo, ya sake fita. Akwai wanda ya tsira daga hatsari ko harin da ya ci 'yan'uwansa, yana ganin ana tuhumarsa da kisansu, alhali abin da ya yi kawai shi ne ya rayu.

Alamar da ke raba wannan da na farko ita ce, ba ya ƙarewa. Mai haƙƙi a wuyansa, in ya biya, nauyin ya sauka. Wannan kuwa ko ya nemi gafarar duk unguwa, gobe sabon laifi zai tsiro. Ba shi da suna, ba shi da adadi, ba shi da wanda za a biya. Maganinsa yana asibiti, wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma idan tunanin kashe kai ya shigo, ranar ce ranar zuwa, ba a jira.

Abin da malamai suka ce

Na kai mafarkina wurin wani kawuna da ya daɗe yana karantar da hadisi. Na zaci zai fassara mini. Bai yi ba. Ya tuna mini da hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya kasa mafarki gida uku: na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda mutum ke zantawa da zuciyarsa. Ya ce kuskuren mutanenmu shi ne ɗaukar kowane mafarki a matsayin labarin gobe. Mutum ya ga an kama shi, sai ya tashi yana neman maƙiyin da ke shirya masa sharri, har ya fara zargin maƙwabci ko kishiya.

Ya kuma kawo hadisin da ya nuna an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka. Duk abin da ka aikata ko aka ce ka aikata a mafarki, ba a rubuta maka shi ba. Game da mafarkin tsoro, koyarwar a sarari take: ka yi tofi sau uku ta hagu, ka nemi tsarin Allah, ka juya kwanciya, in ka so ka tashi ka yi salla, kuma kada ka yi ta yaɗa shi. Har ya ƙara da wani abu da ban sani ba. A ƙarshen wancan hadisi na Abu Huraira an ambaci cewa mari a ƙafa abin so ne a mafarki, domin yana nufin tabbata a kan addini, ƙuƙumi a wuya ne abin ƙi, ko da yake malaman hadisi sun yi saɓani kan ko wannan ƙarin maganar Annabi ce (SAW) ko ta mai ruwaya. Ko a wurin magabata ke nan, ganin an ɗaure ka ba lallai ne ya zama mugun labari ba. Annabi Yusuf (AS) ma, wanda Allah Ya ba ilimin fassarar mafarki, a kan ƙazafi ya shiga kurkuku, kuma daga can ɗaukakarsa ta fara.

Sannan ya dube ni ya ce, “Ɗana, naka ba na bushara ba ne, ban kuma ga alamar na tsoratarwa ne kaɗai ba, tunda ka ce kunya kake ji. Zancen zuci ne. Allah Ya rantse da rai mai yawan zargin kanta a Suratul Ƙiyama. Ka bar maganar janareta. Su wane ne mutanen da ke zaune a kan tabarmin?”

Mutanen kan tabarma

Wannan tambayar ce ta warware mini ƙullin, kuma daga baya na ga ta yi daidai da yadda masu aikin ba da shawara ke bi da mafarki mai maimaituwa. Ana ajiye tuhumar a gefe, a tambayi abu uku. Me ka ji da ka farka: tsoro, haushi, ko kunya? Wa ke wurin, kuma ina ne wurin? Me ya faru a yinin da ya gabaci kowane dare? Don amsa ta uku, ana ajiye takarda da biro kusa da shimfiɗa, a rubuta mafarkin da kwanan wata tun kafin a tashi, domin yawancinsa yana gushewa cikin 'yan mintoci.

Da na natsu, na gane tabarmin na zaman makoki ne, kuma fuskokin na dangin wani abokina ne da ya rasu wata biyar kafin mafarkin farko. Shekara guda kafin rasuwarsa ya ranta mini naira dubu 80 lokacin da matata ta haihu. Babu takarda, babu shaida, ko matarsa ba ta sani ba. A ranar sadakar uku aka yi shelar duk mai binsa ko wanda yake bi ya yi magana. Na yi shiru, na ce wa kaina ba yanzu ba, sai hankali ya kwanta. Aka raba gado, ban ce komai ba. Da na duba kwanakin, biyu daga cikin darare huɗun sun biyo bayan ranar da na haɗu da babban ɗansa a hanya ya durƙusa ya gaishe ni.

Ga yadda zuciya ta tsara abin. Kuɗin marayu ta mai da kayan masallaci, domin dukansu amana ce da ake jin tsoron Allah a kanta. Shirun da na yi a wurin makoki ya zama muryar da ta ƙi fita. Tuhumar ƙarya ce daga farko har ƙarshe, amma kowane yanki nata an yanko shi ne daga gaskiya. Hadisin Nawwas bin Sam'an da ke cikin Muslim ya siffanta zunubi da abin da ke kai-komo a ƙirji, wanda kake ƙin mutane su sani. Watanni ina ɗauke da wannan siffa ban ba ta suna ba.

Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa uku, dainawa da nadama da ƙudurin rashin komawa, sai na huɗu idan abin ya shafi wani: a mayar masa da haƙƙinsa. Ba ni da dubu 80 a hannu a lokacin. Na je wurin wan mamacin, wanda shi ne waliyyin yaran, na ce, “Yaya, akwai bashin marigayi a kaina, na yi nauyin baki ban faɗa ba.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Allah Ya yi maka albarka. Da ka yi shiru, wa zai sani?” Muka rubuta a gaban shaidu biyu, na biya dubu 20 kowane wata har wata huɗu. Tun daren da na yi maganar, kafin ma in biya ko sisi, motar nan ba ta sake tsayawa a ƙofar gidana ba.

Ba zan ce labarina hujja ce ga kowa ba. Mafarki yana iya tsayawa don kansa, kuma mutum yana iya ƙirƙiro ma'ana inda babu. Amma akwai ma'aunin da na amince da shi. Idan jin da ke biyo bayan mafarkin kunya ce, kuma da ka bincika ka sami abu mai suna, mai adadi, mai wanda za a je wurinsa, to haƙƙi ne, a sauke shi. Idan tsoro ne tsantsa, kuma mafarkin yana maimaita abin da ya taɓa samunka ko wanda kake gani yana samun na kusa da kai, to rauni ne, ba laifi ba. Idan kuwa zargin ya game komai, ba ya raguwa da istigfari ko biyan haƙƙi, kuma ya zo da rashin barci da mutuwar zuciya, to ciwo ne.

Ga masu rauni akwai wata hanya da aka gwada. Barry Krakow da abokan aikinsa a New Mexico sun wallafa sakamakonta a 2001, bayan gwaji a kan mata 168 da aka ci zarafinsu suke fama da munanan mafarkai. Da rana, a farke, mutum zai zaɓi mafarki ɗaya, ya sauya labarinsa yadda ya ga dama, ya rubuta sabon, sannan ya riƙa kawo shi a ransa minti 10 zuwa 20 kowace rana. Mai mafarkin kamu zai iya sa muryarsa ta fita, ko wani dattijo ya miƙe daga kan tabarma ya ce ya san shi, a sake shi. Waɗanda suka bi hanyar sun sami raguwar mafarkan da ingantuwar barci fiye da waɗanda ke jiran layi. Ana shawartar a fara da mafarki mai sauƙi, kuma wanda abin da ya same shi ya yi muni ƙwarai ya yi hakan tare da ƙwararre. Sai dai wannan hanya ba ta biyan bashi. Da ni na bi ta, da wataƙila na kori 'yan sandan, kuɗin marayu kuwa suna nan a wuyana.

Yaron abokina yana aji biyar na sakandare yanzu. Har yau in mun haɗu yakan durƙusa ya ce, “Baba, ina wuni?” A da nakan amsa ina kallon gefe, in yi sauri in wuce. Yanzu nakan tsaya, in riƙe hannunsa, in tambaye shi karatu, ina kallon idonsa.